Gaisuwa a Farkon Taron Intanet: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Makara da Masu Rufe Kyamara

Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi taron aiki ko na ƙungiya da ake yi ta Zoom, Google Meet ko Microsoft Teams, mai mutum biyar zuwa talatin ko sama da haka kaɗan. Yawancin amsoshin jagoran taro aka nufa da su, domin nauyin gaisuwar a wuyansa yake. Amma akwai na wanda ya makara, akwai kuma na wanda ya shigo bai kunna kyamara ba.

Wa ya kamata ya fara gaisuwa, jagoran taro ko wanda ya shigo?

Jagoran taro. Wanda ya shigo bai san halin da ya tarar ba. Bai san ko ana jin sa ba, bai san ko an fara ba, wani lokaci ma allonsa bai gama nuna masa mutanen da ke ciki ba. Shi kuwa jagora yana kallon jerin sunaye, ya ga lokacin da sabon suna ya bayyana. Saboda haka shi ne zai ce, "Malam wane, sannu da zuwa, kana ji na?" Wannan jimla ɗaya ta yi aiki biyu: ta karɓi mutumin, ta kuma gwada lasifikarsa da makirufonsa tun ba a shiga magana mai muhimmanci ba. Idan ya amsa aka ji shi, an huta da "kana magana amma ba ma jin ka" a tsakiyar rahoto.

Sai dai kada ka yi gaggawa. A Zoom sunan mutum yakan bayyana kafin sautinsa ya haɗu, za ka ga an rubuta "Connecting to audio" a akwatinsa. Duk abin da ka faɗa a wannan lokaci iska ce ta kwashe. Jira har alamar makirufo ta fito kusa da sunansa, sannan ka gaishe shi. Idan alamar ta ƙi fitowa, mutumin bai danna "Join Audio" ba, kuma hanyar da ta rage maka ita ce ka rubuta masa a akwatin saƙo.

Me ya sa idan na ce "barkanku da zuwa" sai kowa ya yi tsit, ko kuma duk su amsa a tare a kasa gane komai?

Wannan ita ce tambayar da sauran suka rataya a kanta, don haka bari mu ɗan tsaya.

A zaman ido da ido, mutum yana gane lokacin da zai yi magana ta hanyar kallo. Wanda ka juya ka kalla, shi ne ya san da shi kake. A allo kuwa, idan ka kalli kyamara kowa zai ga shi kake kallo, idan ka kalli fuskar mutum ɗaya a allonka ba wanda zai san wa kake kallo. Gaisuwar da aka jefa wa jama'a ba tare da suna ba, kowa zai ɗauka wani zai amsa, ko kuma kowa ya ɗauka shi aka nufa.

Sai kuma jinkirin sauti. Masu nazarin hira sun auna tazarar da ke tsakanin ƙarewar maganar mutum da farawar amsar abokin hirarsa a harsuna goma, a wani bincike da aka wallafa a 2009, suka samu cewa a matsakaici ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Haka kunnenmu ya saba. Ita kuwa Hukumar Sadarwa ta Duniya, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira tana tafiya sumul idan jinkirin isar sauti daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, wato kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa, kuma bai kamata ya haura 400 ba. Wanda ke kan sabis mai rauni yana iya kai wa wannan iyaka ko ya zarce ta. Ƙara da lokacin da zai lalubo maɓallin makirufo ya buɗe. Kai kana ganin ya yi shiru, sai ka ci gaba da magana, daidai lokacin da amsarsa ta iso. Ku biyun ku tsaya, ku biyun ku ce "ci gaba", ku biyun ku sake farawa tare.

Akwai na uku. Manhajojin nan suna tace hayaniya da amsa-kuwwa, kuma idan muryoyi da yawa suka taso lokaci guda sukan danne wasu. Shi ya sa amsar mutum goma a tare take fitowa gutsure-gutsure.

Maganin duka ukun ɗaya ne. Fara da sunan mutum, sannan gaisuwar ta biyo baya, sannan ka yi shiru ka ƙirga uku a zuci. Sunan ya zo a farko domin yana jin sa zai fara kai hannu ga makirufo kafin ka gama jimlar. Idan ka ajiye sunan a ƙarshe, sai bayan ka gama ya gane da shi kake, ƙila ma bai saurari farkon ba. Idan kuma gaisuwar ta kowa da kowa ce, ka faɗi yadda kake so a amsa: "Barkanmu da warhaka. Wanda ke ji na ya ɗaga babban yatsa a allo, ko ya rubuta a akwatin saƙo."

Dole ne in gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya?

Ya danganta da yawan mutane, kuma lissafin ba shi da wahala. Gaisuwa ɗaya da amsarta, haɗe da jiran a buɗe makirufo, tana iya cin daƙiƙa 20. Mutum shida minti biyu ke nan, ba komai. Mutum 15 minti biyar. Mutum 30 minti goma, kuma idan asusun Zoom na kyauta kake amfani da shi, wanda ke yanke taro a minti 40, ka ba gaisuwa kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinka. Meet na kyauta yana ba taron mutum uku zuwa sama minti 60.

A ganina, idan ba ku wuce takwas ba a gaishe da kowa da suna a jira amsarsa. Daga tara zuwa kusan ashirin, a gaishe da waɗanda suka zo da wuri ɗaya ɗaya kafin lokaci ya cika, sannan idan lokaci ya yi a yi gaisuwa guda ta kowa. Sama da haka, gaisuwa ɗaya ta wadatar, a ambaci baƙi da waɗanda za su yi jawabi kawai.

Abin da ya fi muni shi ne ka fara kiran sunaye ka kasa kammalawa. Idan ka gaishe da mutum tara cikin goma sha biyu, ukun da ka tsallake sun lura, ko da ba su ce komai ba. Kuma kusan kullum waɗanda ake tsallakewa su ne masu rufe kyamara, saboda dalilin da za mu zo kansa.

Me zan yi da mintocin da ake jiran sauran mutane?

Ka shiga minti biyar kafin lokaci, ka yi gaisuwar ɗaya ɗaya a nan. Kada ka bar mutum ɗaya ko biyu suna zaune shiru suna kallon juna kana amsa wasu saƙonni. Idan dole ka yi wani abu, ka faɗa: "Ku ɗan ba ni minti ɗaya in buɗe takardar, za mu fara da ƙarfe goma daidai."

Hirar da za a yi ta zama wadda sabon shigowa zai iya faɗawa cikinta. Kada a fara tattauna ainihin batun taro da waɗanda suka riga zuwa, domin za a maimaita, ko kuma a yanke shawara a bayan idon waɗanda ba su makara ba.

Idan mahalarta suna ƙasashe dabam dabam, wace gaisuwa ta dace?

Wadda ba ta ɗaure da lokaci ba. "Barkanmu da warhaka" ko "sannunku da zuwa" suna aiki ko da wani gari ya waye masa wani kuma rana ta faɗi. Idan ka san wani ya tashi da asuba ko ya hana kansa barci don taron, ka gode masa a kalma ɗaya.

Wani ya shigo bayan an fara. In katse mai magana in gaishe shi?

A'a. Ka jira gaɓa: ƙarshen jimlar mai magana idan gajeruwa ce, ko ƙarshen batun da ake kai. A lokacin sai ka ce, "Hajiya wance ta shigo, sannu da zuwa. Muna kan batu na biyu, kasafin wata mai zuwa." Shi ke nan, a ci gaba. Kada ka yi mata tambayar da za ta tilasta ta buɗe makirufo, domin mai makara yawanci bai gama zama ba. Kafin gaɓar ta zo, layi ɗaya a akwatin saƙo ya isa ya nuna mata an gan ta.

Abu biyu ne ake kauce wa a nan. Na farko, yin kamar ba a gan ta ba har taro ya ƙare. Wannan yana da illa ta zahiri ban da rashin daɗi: mutane suna magana ba su san wa ke saurare ba, wani ya ce "ai wance ba ta zo ba, bari mu yanke mata", alhali tana ji. Na biyu, mayar da makararta abin kallo, da irin su "ga ta nan daga ƙarshe" ko "mun daɗe muna jira". Idan makara ta zama ɗabi'ar wani, maganar ta bayan taro ce, tsakaninku biyu.

Akwai lokaci ɗaya da ya halatta a katse: idan shigowar mutumin ta canza abin da ya kamata a faɗa. Misali ana tattauna albashin ma'aikata sai baƙo daga wajen ma'aikata ya shigo, ko ana maganar wani sai ga shi. A nan jagora ya shiga da hanzari cikin ladabi, "Afuwan, ɗan dakata kaɗan, Malam wane ya shigo, sannu da zuwa," don mai magana ya san inda ya kwana.

In maimaita wa wanda ya makara abin da ya wuce?

Jimla ɗaya ko biyu, kuma abin da aka yanke kawai, ban da muhawarar da ta kai ga yankewar. Idan ka ɗauki minti biyar kana maimaitawa mutum goma sha biyu na jira, ka ci sa'a guda cur ta lokacin jama'a don mutum ɗaya. Kuma ka koya wa kowa cewa zuwa da wuri asara ne.

Kada ka dogara da cewa zai karanta akwatin saƙo. Sau da yawa a Meet da Zoom, wanda ya shigo daga baya ba ya ganin saƙonnin da aka tura kafin shigowarsa. Ajandar da ka liƙa da ƙarfe goma ba ta wurin wanda ya zo goma da kwata. A Teams kuwa, 'yan ma'aikata ɗaya sukan ga duk hirar daga farko. Mafi sauƙi ka ajiye ɗan taƙaitaccen rubutu a gefe, ajanda da adireshin takardar da ake dubawa, ka sake liƙawa duk lokacin da wasu suka shigo. Idan kana da mataimaki, aikinsa ke nan.

Abu ɗaya da ba a tsallakewa ko da mutum ya makara minti talatin: idan ana naɗar taron, a gaya masa. Manhajar tana nuna alama, amma faɗa da baki ko a rubuce shi ne mutunci. Ita ma naɗar, a fara ta bayan an gama gaishe-gaishe, don kada hirar lafiyar iyalin wani ta shiga abin da za a raba wa waɗanda ba su halarta ba.

Ni ne na makara. Yaya zan shiga?

Rufe makirufo tun a allon da ke fitowa kafin shiga. Kada ka yi gaisuwa da murya a kan mai magana, komai nauyin da kake ji na shiga shiru. Rubuta layi ɗaya: "Barkanku, afuwan na makara, ina saurare." Ba a buƙatar dalili. Idan jagora ya gaishe ka a gaɓa, ka amsa da kalma biyu ka rufe. Kuma ka saurara na ɗan lokaci kafin ka yi tambaya, domin abu ne mai yiwuwa an amsa ta kafin zuwanka.

Idan ka san tun da wuri za ka makara, ka sanar da jagora kafin taro, musamman in akwai batun da kai za ka gabatar, don ya mayar da shi baya.

Yaya zan gaishe da wanda kyamararsa ke rufe?

Daidai yadda ka gaishe da wanda fuskarsa ke allo: da suna, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. "Malama wance, sannu da zuwa, kina jin mu?" Kada ka haɗa da "ba ma ganin ki". Ta sani.

Matsalar ita ce manhajar kanta tana taya ka mantawa da ita. A tsarin da Zoom ke jera akwatuna, masu kunna kyamara ne ke zuwa gaba, masu rufewa a koma da su baya. Shafi ɗaya a kwamfuta yakan ɗauki akwatuna 25, ana iya ƙarawa zuwa 49, a waya kuwa 'yan kaɗan ne. Idan kuma ka taɓa kunna "Hide non-video participants", to masu rufe kyamara sun ɓace daga allonka gaba ɗaya, suna ciki suna ji amma ba ka da labari. Don haka kada ka yi gaisuwa daga fuskokin da kake gani. Buɗe jerin mahalarta, wanda ake kira "Participants" a Zoom, "People" a Meet da Teams, ka bi shi daga sama zuwa ƙasa.

Ka kuma tuna cewa ba ta da hanyar gyaɗa maka kai. Mai kyamara yana iya amsa gaisuwa da murmushi ko ɗaga hannu. Ita sai murya, ko rubutu, ko alamar yatsa. Ka buɗe mata duka ƙofofin: "In ba hali ki yi magana, ki rubuta mana kawai." Mai yiwuwa tana wurin da ke da hayaniya, ko kusa da mai barci.

Ba rashin ladabi ba ne mutum ya ƙi kunna kyamara? Ba zan iya cewa ya kunna ba?

Kafin ka yanke hukunci, duba abin da bidiyo ke ci. Bisa alƙaluman Zoom, murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, bidiyon taron jama'a kuwa daga kusan megabit ɗaya yake farawa, ya haura idan hoton ya fi kyau. Ninki goma ke nan ko fiye. Wanda sabis ɗinsa ke rawa, rufe kyamara ne ke sa muryarsa ta fita daidai, kuma muryar ce taron ya fi buƙata. Ga cin data, ga zafin waya da zuƙe batir. Ga kuma wanda ba ya son a ga cikin ɗakinsa, ko ba shi da lafiya, ko yana rainon yaro.

Akwai gajiya ma. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu na gajiyar da taron bidiyo ke jawowa, ciki har da yawan kallon fuskarka a allo kamar an ɗora maka madubi a gaba tsawon yini, da kuma zama wuri ɗaya don kada ka fita daga hoton. A shekarar ce kuma wani gwaji da Kristen Shockley da abokan aikinta suka yi da ma'aikatan wani kamfani ya nuna cewa kunna kyamara na ƙara gajiya, kuma abin ya fi shafar mata da sababbin ma'aikata.

Duk da haka akwai tarukan da ganin fuska ke da amfani sosai: ganawar farko da sabon abokin hulɗa, jarrabawar ɗaukar aiki, ko magana mai nauyi da ake son ganin yadda ta sauka. Idan irin wannan ne, wurin faɗa shi ne takardar gayyata, tun kwana ɗaya ko biyu kafin taro, don mutum ya shirya. A cikin taro kuwa, roƙo ɗaya ga kowa da kowa ya wadatar: "Wanda yake da hali ya ɗan kunna kyamara mu gaisa, sannan ya rufe in ya so." Minti ɗaya na gaisuwa abu ne da mutane da yawa za su iya, ko da ba za su iya sa'a guda ba. Amma ka kira sunan mutum ɗaya a gaban jama'a ka ce ya kunna, ka tilasta shi ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ya faɗi uzurin da bai so faɗa ba ko ya yi maka gardama. Ba ɗaya da zai taimaki taronka.

Idan kai ne mai rufewar, ka sauƙaƙa wa mutane. Sa cikakken sunanka, sa hoto in kana so, ka amsa gaisuwa da sauri, ka ce, "Barkanku, yau da murya kawai zan kasance."

Na gaishe shi, kyamara a rufe, makirufo a rufe, bai amsa ba. Sai me?

Kira shi sau ɗaya, jira daƙiƙa uku zuwa biyar, sake kira sau ɗaya, ka wuce: "Za mu dawo gare ka." Kada ka tsaya kana ta nanata sunansa jama'a na jira.

Sannan ka duba alamun da ke kusa da sunan. Ba alamar makirufo sam: sautinsa bai haɗu ba, bai ma ji ka ba. Makirufo da jan layi a kai: ƙila ya ji, ƙila ya tashi, ƙila yana ta magana bai san a rufe yake ba. Makirufo a buɗe amma shiru: yawanci na'urarsa ta zaɓi wani makirufon dabam, kamar na abin kunne da ke haɗe amma yana cikin jaka. Rubuta masa saƙo shi kaɗai idan manhajar ta bari. Kuma in za ka taimaka da baki, ka faɗi maɓallin: a kwamfuta mai Windows `Alt+A` ne a Zoom, `Ctrl+D` a Meet, `Ctrl+Shift+M` a Teams.

Kada ka rubuta shi cikin waɗanda suka amince da wata shawara don kawai sunansa na allo. Wanda bai amsa gaisuwa ba, ba ka da tabbacin ya ji sauran.

Wani ya shigo da sunan wayarsa ko lambar waya kawai. Ta yaya zan gaishe da wanda ban sani ba?

Ka gaishe shi ka tambaya kai tsaye, tun kafin a shiga batu: "Sannu da zuwa. Akwai wanda ya bayyana mana da sunan iPhone, don Allah wane ne?" Idan lamba ce, ka ambaci lambobi uku na ƙarshe kawai. Wanda ya shigo ta kiran waya ba ya ganin allo, ba ya ganin akwatin saƙo, kuma zai buɗe makirufonsa ne da danna `*6`. Ka gaya masa haka, ka kuma karanta masa sunayen waɗanda ke ciki, tunda ba shi da jerin. Idan ya faɗi sunansa, a Zoom kana iya gyara masa da "Rename".

In an tambaya sau biyu, da baki da rubutu, ba amsa, kuma taron na sirri ne, ka mayar da shi ɗakin jira, inda mutane ke dakatawa kafin a shigar da su, ko ka cire shi. Gaisuwar farko ita ce kuma lokacin da ake tantance wa ke cikin taro.

Akwai saitin da ke sauƙaƙa wannan aiki?

Kaɗan ne, kuma sun isa. "Mute participants upon entry" a Zoom yana hana hayaniyar mai makara faɗowa kan mai magana. Ƙarar da ke sanar da shiga da fita, a saita ta jagora kaɗai ya ji, ko a kashe ta a babban taro. Ɗakin jira, "Waiting Room" a Zoom ko "Lobby" a Teams, yana da amfani, amma yana da haɗari guda: da zarar ka fara nuna takarda a allo hankalinka ya tafi, sai mutum ya yi minti goma a waje yana jira, ya zama mai makara alhali laifinka ne. Ka ba wani matsayin "Co-host" ya riƙa shigar da mutane, ya gaishe su a rubuce. A Zoom wannan matsayi na asusun da ake biya ne. Idan naka na kyauta ne, ka bar jerin mahalarta a buɗe a gefe kana leƙawa a kowace gaɓa.

Wasu suna tare a ɗakin taro, wasu ta intanet. Su wa za a fara gaisarwa?

Na intanet. Na cikin ɗaki sun riga sun gaisa a bakin ƙofa. Bayan haka a faɗa wa na nesa sunayen duk waɗanda ke zaune, domin kyamarar ɗaki ba ta nuna kowa da kyau, kuma akwati ɗaya a jerin sunaye yana iya ɓoye mutum bakwai. In wani ya shigo ɗakin a makare, a sanar. In wani a ɗakin ya buɗe taron a kwamfutarsa, ya kashe makirufo da lasifika duka, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta cika wa kowa kunne.

Za a iya nuna yadda duk wannan zai kasance a taro ɗaya?

Mu ɗauki taron ƙungiya na mutum 14, ƙarfe 10:00, a Zoom mai ɗakin jira, sakatare kuma shi ne mataimakin jagora.

Da 9:55 jagora ya buɗe. Mutum shida suka shigo a hankali, ya gaishe da kowanne da suna bayan alamar makirufonsa ta fito. Ta biyar kyamararta a rufe, ya ce, "Malama wance, sannu da zuwa, kina ji na?" Ta ɗaga yatsa a allo, ya ce madalla, ya wuce. Da 9:59 aka ga wani suna na waya. Ya tambaya, ashe ma'aji ne, sakatare ya gyara sunan.

Da 10:00 mutum 11 ne a ciki. Huɗu sun shigo a tare a minti na ƙarshe, ba lokacin jiran amsar kowanne. Jagora ya ce, "Barkanmu da warhaka. Waɗanda suka shigo yanzu," ya karanto sunayen huɗun daga jerin, "sannunku da zuwa. Ba sai kun buɗe makirufo ba, ku ɗaga yatsa in kuna ji. Batutuwa uku ne, za mu tashi 10:35. Zan fara naɗa yanzu." Uku suka ɗaga. Na huɗu bai ɗaga ba, kuma ba alamar makirufo kusa da sunansa, sai sakatare ya rubuta masa ya danna "Join Audio". Duk wannan bai kai minti biyu ba.

Da 10:07 mutum biyu suka shigo ana tsakiyar rahoton kuɗi. Sakatare ya shigar da su, ya rubuta musu maraba, ya sake liƙa ajanda, ya ƙara da cewa ana naɗa. Ma'aji bai tsaya ba. Da ya gama a 10:11 jagora ya ambaci sunayensu, ya ce an amince da batu na ɗaya, ana shirin tambayoyi kan na biyu.

Da 10:20 na ƙarshe ya shigo, kyamara a rufe, kuma shi ne mai gabatar da batu na uku. A nan gaisuwa a rubuce ba ta isa ba, dole a san muryarsa na fita kafin a miƙa masa magana. A gaɓa ta gaba jagora ya ce, "Malam wane, sannu da zuwa. Nan da minti biyar za mu zo kanka, ɗan buɗe makirufo mu ji ka." Ya buɗe, muryar na yankewa. Aka ce ya bar kyamarar a rufe kamar yadda take, ya tura wa sakatare takardarsa ya nuna masa a allo, shi kuma ya yi bayani da murya kawai.

Ni ba jagora ba ne, amma na lura an manta da wani. In yi magana?

Ka yi, a taƙaice. Rubuta wa jagora shi kaɗai cewa wance tana ciki tun ɗazu ba a ambace ta ba, ko cewa akwai mutum a ɗakin jira. Idan ba hanyar saƙon sirri, ka jira a ba ka magana ka fara da, "Kafin in ce wani abu, na ga Malama wance ta shigo, sannu da zuwa," sannan ka shiga batunka.